Ɗabaƙoƙin Masu Uzurin Lalacewar Mota

Duk manajan da ya daɗe a kan kujerarsa a birnin Kano ya sani cewa, idan ƙarfe takwas ta gabato kuma wayarsa ta yi ƙara, galibi wata mota ce ta mutu a hanya, kuma ma'abota irin wannan saƙo sun kasu ɗabaƙa-ɗabaƙa, gwargwadon halin da Allah ya yi wa kowa.

Na farkonsu shi ne Mai Muƙaddima, wanda ba ya shiga bayani sai ya gaida Yallaɓai, ya tambayi iyali da gajiyar jiya, ya jawo batun ƙaddara mai riga fata, har saƙon ya ƙare bai faɗi inda yake ba. Kishiyarsa Mai Taƙaitawa ne, wanda iyakacin abin da zai rubuta shi ne "Ina hanya", alhali kuwa wanda ke Dawanau da wanda ke bakin ƙofar ofis duka a hanya suke.

Sai Shaihin Kanikanci, wanda zai yi sharhi filla-filla cewa fanbel ne ya tsinke, lagireto ya tafasa, direba kuma ya tafi neman ruwa da galan. Da ya yi aiki da iliminsa, da ya fahimci cewa fashewar taya, muddin akwai safaya da jak, ba ta cika wuce sulusin sa'a ba, amma fanbel sai an nemo bakanike da sabo, don haka wajibinsa ya karɓi canjinsa wurin kwandasta ya tari Adaidaita Sahu. Ɗan'uwansa kuwa, Mai Minti Biyar, yana tsaye a Na'ibawa yana alkawarin isa Bata kafin a ƙifta ido, ya manta cewa tun 2013 aka hana acaɓa a Kano, babu mai kurɗawa da shi cikin cunkoso.

Mafi hatsarinsu shi ne Mai Rantsuwa, wanda tayarsa ba ta fashewa sai ranar Litinin, kuma yawan "wallahi tallahi" da ke cikin saƙonsa shi ne hujja mafi ƙarfi a kansa.

Amma mai hankali, tun kafin lokacin shiga aiki ya yi, rukunai huɗu yake cikawa: dalili, da wuri, da lokacin isowa wanda ya yi wa ƙari saboda cunkoso, da makomar aikin da ke jiransa. Sai ya rubuta: "Ranka ya daɗe, barka da asuba. Bas ɗinmu ta lalace a Na'ibawa, na sauya abin hawa. In sha Allahu zan iso ƙarfe tara. Mabuɗin sito yana hannun mataimakina."

Wanda ya aika haka, kuma ya iso a lokacin da ya ambata, an karɓi uzurinsa. Sauran kuwa su tanadi amsar takardar tuhuma.