Yadda Ake Rubuta wa Malami Wasiƙa a Kan Silaid Ɗin da Ya Hana Ka Barci

Ba zan tsaya koya maka buɗe imel ba, kuma ba sai na ce ka yi sallama ba. Idan har kana karanta wannan, ka riga ka zauna a zauren lacca mai mutum ɗari uku da fanka biyu, ka ga silaid ya wuce kamar walƙiya, ka ji malam ya ce "an gane ko?", ka kuma ji ajin gaba ɗaya ya amsa da "e" ɗin da babu gaskiya a cikinta. Ni ma makonni uku da suka wuce abin ya same ni a darasin ƙididdiga.

Ga abin da ya faru. Ana koya mana bariyans, wato ma'aunin yadda alƙaluma suka warwatsu daga matsakaicinsu. A silaid na 14 an raba da n. A silaid na 15 an raba da n − 1. Dukansu biyu an yi musu alamar s². Kafin hannuna ya kai sama aka ɗauke wuta.

Shawara ta farko: ka nemo silaid ɗin na asali. Kada ka dogara da hoton da aka tura wa 'yan aji a waya. Ka san hoton nan. Daga layi na tara aka ɗauke shi, a karkace, hular wani dogon bawan Allah ta rufe kusurwar ƙasa, kuma a kusurwar nan ne kullum abin da ake nema yake. Ban san me ya haɗa dogayen mutane da kujerar gaba ba. Ga kujeru a baya fululu, ga iska, amma sai su zo su dasa zanna bukar tsakaninka da iliminka. Wanda ya ɗauki hoton kuma, idan ka ce masa bai fito ba, sai ya ce ka buɗa shi da yatsu. Na buɗa. Hular ce ta ƙara girma. Sai da na bi shugaban aji kwana biyu kafin na samu fayil ɗin, na tabbatar ba hoton ne ya yi ƙarya ba, haka alamomin suke.

Ta biyu: ka gwada fomulolin da alƙaluman da za ka iya riƙewa a ka, kafin ka rubuta komai. Na ɗauki gonaki huɗu da suka ba da buhu 2, 4, 6 da 8. Matsakaici 5 ne. Tazarar kowace daga 5 ita ce −3, −1, 1 da 3. Na ninka kowace da kanta, na samu 9, 1, 1 da 9, jimla 20. Silaid na 14 ya ce a raba da 4, amsa 5. Na 15 ya ce a raba da 3, amsa wajen 6.67. Ba ɗan bambanci ba ne, na biyun ya fi na farkon da kashi ɗaya cikin uku, kuma a jarrabawa ɗayansu kaɗai zai ci maki. Na danna alƙaluman a kalkuleta don ta raba gardama, sai ita ma ta ba ni amsa biyu, σx 2.236 da sx 2.582, waɗanda su ne tushen 5 da tushen 6.67.

Ta uku ita ce gaisuwa, kuma layi ɗaya ya isa. Mu mutane ne masu ladabi, na sani, amma mutumin da yake da takardu ɗari uku a kan tebur ba zai bi ka ta gaida iyali da gajiya da sanyi da "ya muka ji da haƙuri" har sakin layi na huɗu ba. Sai ka guji "Malam, ban gane silaid ɗin ba." Wane silaid? Na wane kwas? Shi yana koyar da huɗu.

Ta huɗu kuwa, to, bari dai na faɗi abin da yake ci min rai. Da na nuna wa abokan karatu wasiƙar da nake shiryawa, uku suka ce min abu guda: "Kai dai haddace duka biyun, wanda ya fito ka zuba." Na huɗu ya ce kada na ja wa kaina, malam zai riƙe sunana. Wannan magana tana ƙona min rai da gaske. Mun biya kuɗin makaranta, iyayenmu sun sayar da abin da suka sayar, sannan mu ji tsoron tambayar me ya sa ake cire ɗaya? Waɗannan fa su ne badi za su zauna rubuta furojet, su buɗe Excel su ga VAR.P da VAR.S, su zaɓi wanda ya fi kusa da yatsa.

Na manta a ta nawa muke. Ga dai abin da na aika, ƙarƙashin taken da ya ƙunshi lambar kwas da "tambaya kan silaid na 14 da 15":

"Assalamu alaikum, Dakta. Ni ɗalibinka ne a aji biyu, ajin ranar Talata. A silaid na 14 an raba da n, a na 15 an raba da n − 1, kuma duka an rubuta s². Na gwada da 2, 4, 6, 8, na samu 5 da 6.67. Fahimtata ita ce na farko na lokacin da aka ƙirga kowa da kowa ne, na biyu kuma na samfuri. Haka ne? Idan haka ne, me ya sa ake cire ɗaya? Zan iya zuwa ofis duk lokacin da ya yi maka daidai. Na gode."

Ka lura ban ce ya yi kuskure ba, kodayake ina zargin hakan. Na ajiye masa shafukan biyu gefe da gefe, ya gani da idonsa. Na kuma faɗi abin da nake tsammani, don ya san daidai inda zarena ya tsinke.

Kwana huɗu shiru. Wannan ma ka shirya masa, kuma kada ka kira shi da tsakar dare. A rana ta biyar amsa ta zo da kalmomi uku: "Zo ofis Alhamis."

Na same shi da tulin takardu har a kan kujerar baƙi. Ya duba na 14, ya ɗan yi tsaki, ya ce σ² ya kamata a rubuta a nan, kwafe shi ya yi daga ɗayan. Sannan ya juya bayan wata ambulan ya ce na ɗauka gonakina huɗu an tsamo su ne daga gonakin ƙauye guda, waɗanda ainihin matsakaicinsu 6 ne. "Auna tazara daga 6 mu gani." Na samu 16, 4, 0 da 4, jimla 24. Ya ce to ka gani, ta fi 20, kuma duk adadin da ka gwada ban da 5 zai fi 20, domin daga cikin alƙaluman nan huɗu aka ciro 5 ɗin, dole ta zauna a tsakiyarsu. Saboda haka idan ka auna daga matsakaicin samfuri, warwatsuwar takan fito ƙasa da gaskiya, rabawa da n − 1 ne yake gyara wannan ragin idan aka yi ta ɗaukar samfuri. Dalilin da ya sa ɗaya ake cirewa ba biyu ba shi ne tazarorin dole su haɗu su ba da sifiri: da ka san −3, −1 da 1, ta huɗun ba ta da zaɓi sai 3. Uku ne ke da 'yanci. Sunan gyaran, in ji shi, na Bessel ne, kuma da gonaki 100 ne da bambancin bai wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Minti shida duka-duka. Talatar da ta biyo baya ya haska na 14 da σ² a kai, ya ce wani ɗalibi ne ya ja hankalinsa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ce na haddace kawai ya leƙo ta kafaɗata yana neman aron ambulan ɗin, zai ɗauki hoto.