Ranar da manomi ɗaya ya ci buhu saba'in da uku

Ƙanina na Gidan Goga ya turo mini hoton jerin rabon taki na ƙungiyarsu, wai in mayar masa da shi Excel kafin azahar. Takardar an buga ta da tawada mai shirin ƙarewa, an ɗauke ta a karkace, WhatsApp kuma ya matse hoton har ya dishe.

Na bi `Data > From Picture`, layuka arba'in suka fito tsaf kamar 'yan makaranta ranar duba farce. Na buga `=SUM(C2:C41)`. Takarda ta ce 520, injin ya ce 568.

Rarar 48 ta ɓuya a gida biyu. Bakin nan na 1 ya ɗan zarce, sai 13 ta zama 73. Ga 60 sun ƙaru, ga wani bawan Allah mai gona kadada ɗaya ya zama babban ɗan kasuwa yana barci. Ɗayar kuwa ta fi wayo: 12 ta fito `l2`, da ƙaramin harafin L. Ido na ganin lamba, Excel na ganin rubutu, ya tsallake ta shiru. Alamarta ita ce ta jingina hagu, sauran lambobi suna dama. `=COUNT(C2:C41)` ya ba ni 39 a madadin 40, asiri ya tonu.

Lambobin waya ma duk sifirin farko ya gudu, sai da na mai da layin `Text` na sake shigarwa.

Na kira shi. Ya ce, "Yaya, mai saba'in da ukun nan fa surukina ne, ba za a bar masa haka ba?"