Sha Shida Ɗinka da Sha Shida Ɗina Ba Ɗaya Ba Ne

To, 'yan gardama, ku matso kusa. Na san abin da ke bakinku tun kafin ku furta: ram ai ram ne, gigabait 16 kuma gigabait 16 ne, ko guda ɗaya ka cusa ko ka raba takwas-takwas. Wani ma har da ɗaga hanci, wai lissafin firamare bai canza ba. Gaskiyarka, Malam, lissafi yana nan yadda ka bar shi. Amma me ya sa ɗan wasanka a eFootball yake tafiya yana tsayawa, alhali na maƙwabcinka, mai furosesa irin taka da ram daidai da naka, yana sheƙa gudu?

Ram sito ne. Gigabait girman siton yake faɗa maka, bai ce komai ba game da ƙofa. Ram guda ɗaya ƙofa ɗaya ce, biyu a ramukan da suka dace ƙofa biyu, masu dako suna fita da kaya ta nan da can lokaci guda. Wannan shi ne abin da masu gyara suke kira singil canel da duwal canel. Kowace hanya faɗinta bit 64, wato bait 8 a kowace jigila. Ram DDR4-3200 yana jigila sau miliyan 3,200 a daƙiƙa. Ka ninka da 8, ka sami gigabait 25.6 a daƙiƙa. Idan hanya biyu ce, 51.2. Tun da lissafi kuke so, ga shi nan.

"To ina ruwan wasa da wannan?"

Ruwansa da tsaki. Katin girafik na daban yana zuwa da ma'adanarsa a jikinsa. GTX 1650 na farko, wanda ba wani gwarzo ba ne, yana da gigabait 4 nasa na kansa, masu gudun gigabait 128 a daƙiƙa. Shi kuwa girafik na cikin furosesa, irin na Ryzen 5 5600G da ta fito a 2021, ba shi da ko taro. A ram ɗin kwamfuta yake ajiye zanen ciyawa da rigunan 'yan wasa da inuwa da komai, daga can yake ɗebowa, can yake mayarwa, kuma furosesa ma ta wannan hanya take bi da nata kayan. Ka ba su 25.6 su raba, sannan ka zauna kana tsaki.

Bari mu bi misali ɗaya har ƙarshe. Lambar da zan sa ta kwatance ce, domin kowane wasa da nasa nauyin. A ce kowane firam, wato hoto ɗaya daga jerin da allo ke nunawa, yana bukatar a karanta a kuma rubuta gigabait 0.8. Da hanya ɗaya, 25.6 raba 0.8 ya ba ka firam 32 a daƙiƙa, kuma wannan rufi ne, ba za ka taɓa shi ba ma, tunda furosesa tana cin nata rabon kuma babu ram da ke kai cikakken gudunsa na takarda. Da hanya biyu rufin ya koma 64. Kar ku yi saurin tafi. Idan ƙarfin girafik ɗin kansa bai wuce zana firam 50 ba, a 50 za ka tsaya. Shi ya sa ba a cika ganin ninki biyu cif ba, amma tsakanin talatin da hamsin akwai tazarar da ko kakarka ta leƙo allo za ta gane. Abin da ya fi daɗi ma shi ne raguwar sarƙewar nan ta lokacin da fili ya cika da mutane, lokacin da furosesa da girafik suke rububin hanya.

Ga mai kati na daban can a baya yana murmushi, wai shi bai shafe shi ba. Rabin gaskiya ka faɗa, ranka ya daɗe. Katinka ba ya jiran ram don zane, saboda haka a wasan da kati ne ke shan wuya, da ƙyar ka ga bambanci. Amma a wasan da furosesa ce ke ɗaukar nauyi, ko idan kana neman firam sama da ɗari, ram ɗaya zai riƙa yi maka tuntuɓe nan da can. Ciwonka ƙarami ne, ba lafiya lau kake ba.

Wanda har yanzu yake ganin tatsuniya nake, ya je ya yi rigimarsa da Intel. A laftof masu furosesa tsara ta 11 da ta 12, kamfanin ya gindaya sharaɗi: sai an sa ram hanya biyu girafik ɗin zai ci sunan Iris Xe, in ba haka ba UHD ne sunansa. Guntu ɗaya ne, bai canza ba, amma masu shi da kansu ba su yarda ya amsa babban suna da ram ɗaya ba.

Yanzu ga wanda ya fi ba ni dariya: ya sayi ram biyu, ya jera su kafaɗa da kafaɗa a madabod mai ramuka huɗu don su yi kyau, ya dawo yana cewa ƙarya muke. Ɗan'uwa, ramuka biyun farko duk na hanya ɗaya ne. A yawancin madabod, na biyu da na huɗu daga gefen furosesa ake fara cikawa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2. Littafin madabod ɗin ya faɗa, wanda ka jefar tare da kwali.

Ba sai ka yarda da ni ba. Buɗe CPU-Z, shiga Memory, dubi Channel #. Idan ka ga Single, ka san matsayinka. Idan Dual ne ko 2 x 64-bit, madalla. Masu DDR5 su yi hattara, domin kowane ram ɗinsu rabe yake gida biyu masu bit 32. Guda ɗaya zai nuna 2 x 32-bit, mutum ya yi ta murna a banza, alhali jimillar bit 64 ce. Abin nema shi ne 4 x 32-bit. Kuma tun da kana wurin, dubi DRAM Frequency. Ram 3200 zai nuna kusan 1600, wannan daidai ne, rabi ake nunawa. Amma idan ka ga wajen 1066, ram ɗinka a 2133 yake rarrafe, sai ka shiga bayos ka kunna XMP, ko DOCP a wasu madabod.

Masu laftof 'yan gwanjo, ku ne abin ya fi kamawa, don sau da yawa da ram ɗaya suke zuwa, ramin na biyu fayau. Task Manager zai nuna maka Slots used, kodayake buɗe murfin ƙasa ya fi tabbas. Idan ramin yana nan, nemi ram mai girma da gudu irin na ciki, domin in ka haɗa 3200 da 2666, duka biyun 2666 za su koma. Idan kuwa gigabait 4 ne aka liƙe a jikin madabod ka ƙara 8, takwas na farko ne za su bi hanya biyu, sauran huɗun hanya ɗaya, kuma hakan ma ya fi babu nesa ba kusa ba. Wasu laftof ɗin ba su da ramin ƙari sam. Mai irin wannan, Allah ya ba ka haƙuri: sauke allo daga 1080p zuwa 720p, ka rage inuwa, tunda ɗigon da za a zana ya ragu da fiye da rabi, kayan da ke bin hanyar ma za su ragu.