Rabe-raben Masu Doguwar Wasiƙa a Ofis da Yadda Ake Rage Musu Kaya

Imel, wato wasiƙar da ake aikawa ta intanet, yakan ɗauki buƙata guda a harkar ofis, kuma buƙatar ba ta wuce abu uku: abin da ake so, wanda zai yi shi, da lokacin da ake son sa. Misalin da zai wadatar a nan shi ne na akanta da ke neman rasit ɗin tafiyar aiki zuwa Kaduna daga wani ma'aikaci kafin a rufe lissafin wata, domin a kan wannan ƙaramar buƙata ce halayen marubuta suke bayyana.

Na farko shi ne Sarkin Gaisuwa, wanda yake tambayar kwana da gajiya da iyali da sanyi, har ya gangaro kan jikin tsohuwa, kafin ya tuna cewa rasit ya zo nema. Da yake manhajar imel a waya tana nuna kan wasiƙa da layi ɗaya ko biyu ne kawai kafin a buɗe, mai karɓa yakan zaci gaisuwar Juma'a ce, ya bar ta sai ya samu sukuni. Maganinsa shi ne sallama da gaisuwa guda, domin jin lafiyar tsohuwa ya fi dacewa da lokacin da aka haɗu a bakin masallaci.

Na biyu shi ne Malamin Tarihi, wanda ba ya iya neman rasit sai ya faro daga taron da aka yanke shawarar tafiyar, da wanda ya jagoranci taron, da dalilin da ya sa aka ɗage shi sau biyu. Ana gane wasiƙarsa da "kamar yadda aka sani", lafazin da shi kansa shaida ne cewa abin da zai biyo baya bai buƙaci a faɗa ba. Daga duk tarihinsa jumla ɗaya ake ajiyewa, wato wadda ta bayyana dalilin gaggawa.

Na uku shi ne Mai Jin Nauyi, wanda ladabi ya yi masa yawa har ya binne buƙatarsa a sakin layi na biyar, ya lulluɓe ta da "idan babu damuwa, in an samu dama, ko da ba yanzu ba". Mai karɓa yakan ɗauke shi a kan maganarsa, ya ƙi samun damar har wata ya ƙare, shi kuwa ya koma gefe yana ƙorafin an raina shi.

Na huɗu shi ne Mai Gayya, wanda yake cika gurbin CC, wato wurin da ake sa waɗanda za a ba kwafi, da sunayen dukan ma'aikata har da shugaban sashe, sannan ya rubuta cewa "wasu" ba su kawo rasit ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, amma a ofis sakamakon shi ne mutum talatin su duba jakunkunansu, mai laifin kuma ya yi shiru.

Na biyar shi ne Wanzami, wanda ya ji an ce a taƙaita, sai ya aske wasiƙar ƙwal ta koma "A turo rasit yau." Wannan ya fi sauran ɓarna, domin rubutu ba ya ɗauke da murmushi ko sassaucin murya, saboda haka umarni tsirara yakan isa kamar tsawa, musamman idan mai karɓa ya girmi marubucin.

Wasiƙar da ta tsira daga su biyar takan sa buƙatar a gurbin Subject, kamar "Rasit ɗin tafiyar Kaduna kafin Alhamis", sannan ta ce: "Assalamu alaikum Malam, da fatan an tashi lafiya. Don Allah a turo rasit ɗin masauki da na mota na tafiyar Kaduna kafin ƙarfe 12 na ranar Alhamis, domin ranar Juma'a za a rufe lissafin wata, kuma sai da su za a iya mayar maka da kuɗinka. Idan wani ya ɓace, a sanar da ni mu san yadda za a yi. Na gode."

Abin da ya hana wannan wasiƙa zama gatsali shi ne dalilin da aka bayar, wanda ya nuna cewa wa'adin ba son zuciyar akanta ba ne, da kuma ƙofar da aka bari a buɗe ga wanda rasit ɗinsa ya salwanta. Taƙaitawar tana da iyaka, domin wasiƙar farko zuwa ga baƙo ko babban jami'i tana buƙatar jumlar gabatar da kai, haka kuma wanda aka yi wa rasuwa ana fara masa da ta'aziyya ko da lissafin wata zai jira. Ana gwada kowace wasiƙa da tambaya ɗaya kafin a aika: idan mai karɓa ya tsaya a jumla ta biyu, shin ya san abin da zai yi da ranar da zai yi shi?