Ɓarawon da ke cikin aljihuna

Za ni Kano biki, sai na shirya kamar mai tafiya Makka. Tun a Icirnawa na sayi forfe na intanet na wata guda, a Matamaye kuma na zuba kiredin jika biyar, don kada a ce baƙo daga Damagaram yana aron salula.

Muka wuce Ɗan Barto, muka shiga Kwangwalam, sai saƙo ya faɗo da Turanci. Yaron da ke kusa da ni ya ce maraba ake yi mini da zuwa Najeriya. Na gyara zama, na ce ashe an san da zuwana.

A Daura na kira mai ɗakina in ce mun tsallaka lafiya. Wata mata ta amsa, ta ce ba ni da kuɗi. Na zargi yaron, na zargi direba, har wata tsohuwa mai ƙullin daddawa sai da na harara.

Mai cajin waya a tasha ne ya raba gardama. Ya nuna mini wani ɗan harafi, R, a gefen sandunan rezo.

"Baba, layinka haya yake a eriyar wani kamfani. Forfen da ka saya na gida ne, yana can yana jiranka. Nan kowane mega daga kiredi ake cira, a farashin baƙo."

"To ai ban taɓa wayar ba!"

"Ita ta taɓa kanta."

Ya buɗe WhatsApp: zauren dangi ya sauke bidiyon kamun amarya, da na wani rago da ake ciniki, da wa'azi mai tsawo, duk a cikin aljihuna. Wato jika biyar na biya na kalli ragon da ba ni zan ci ba.

Ya shiga Paramètres, ya kashe Données en itinérance, ya kuma hana WhatsApp sauke komai da kansa. Ya ce tun kafin iyaka ake yi, don salula kan kama eriyar maƙwabta mutum bai ko ga shingen kwastan ba. Kira ma a yi hattara, a wasu layukan har wanda ka amsa ana cajinka.

Na tambayi layin Najeriya. Ya ce mai kwana ɗaya ya kashe data, ya roƙi ɗan'uwa ya jona masa ta wayarsa. Mai daɗewa ko mai yawan zirga-zirga kuwa, layin gari ya fi masa araha nesa, ya sayi data da naira, WhatsApp ɗinsa na nan a tsohuwar lamba. Sai dai rajista tana son lambar NIN ko fasfo, ni kuwa katin ɗan ƙasar Nijar ne a aljihuna.

Haka na ƙare biki ina bin ɗan ƙanwata ɗaki-ɗaki saboda intanet ɗin wayarsa. Da ya shiga wanka sai na ja kujera bakin ƙofa, dangin amarya suna ta tambaya ko cikina ne ya ɓaci.