Masu gadin da suka tare mana hanya

Da aka sace wa maƙwabcina janareta, sai na sa aka kafa min kyamarori uku: ƙofar gida, tsakar gida, da lungun da akuyar Hajiya take kwana. Mai haɗawa ya ce, "Alhaji, ko kana Makka za ka ga gidanka a waya." Bai yi ƙarya ba.

Tun daga nan intanet ɗin gidan ya kwanta ciwo. In na kira ɗiyata ta bidiyo, ni ina ganinta sarai, ita kuwa sai ta gan ni a sandare, baki buɗe, har ta taɓa tambaya ko lafiya. Saƙon murya ya wuni yana juyi. Na ɗora rauta kan sif, na zazzaga wa kamfanin sabis masifa, daga ƙarshe na ɗora laifin kan samarin da ke zama jikin katangata. Na canza lambar sirri, nan take komai ya dawo daidai! Har leƙawa na yi na yi musu kallon "na gano ku".

Ashe kyamarorin ne suka faɗi daga layi, don ba su san sabuwar lambar ba. Mai haɗawa na maido su, ciwo ya dawo.

Ɗan yayata ne ya kashe su ya gwada gudun layin. Saukewa 30 Mbps, turawa 5 kacal.

"Kawu, layin gida haka yake, ƙofar shigowa faffaɗa, ta fita ƙarama. Kowace kyamara mai 1080p tana tura wajen 2 Mbps zuwa rumbun kamfaninta, dare da rana. Uku, shida ke nan. Ƙofarku biyar take ɗauka."

Na ce to me ya haɗa wannan da fim ɗin Hajiya da ke ta tsayawa, ai shi saukowa yake? Ya ce ko mai saukewa sai wayarsa ta riƙa aika ɗan saƙon "na karɓa" kafin a ƙaro masa, saƙon kuma yana tsaye cikin rauta a bayan hotunan akuya, kamar layin gidan mai. Ya kunna su ya nuna min ping: daga 40 ms ya haura 1000. Ya kuma lissafa cewa kyamara ɗaya na cin sama da gigabait 21 a kwana. Nan na nemi kujera.

Muka saita su kada su tura sai sun ga motsi. Akuya dai ba ta san zama ba. Da dare kuma gizo-gizo ya yi saƙa a bakin ta ƙofar gida, fitilar kyamarar tana haska zaren, iska na kaɗa shi, wayata ta kwana tana shelar ɓarawo.

Yanzu kowacce da katin memori a cikinta, an rage su zuwa 720p, an kuma ƙayyade musu rabo a rauta. Da na ce a cire ta lungu gaba ɗaya, Hajiya ta ce sai dai a cire ta ƙofar gida, akuya na da ciki.