Gonar Tsoho ta Hanyar Dong

Mu 'yan Tudun Wadar Jos ba ma tayar da maganar gado a zaman makoki, muna da kunya. Sai an yi sadakar arba'in, an mayar da kujerun haya, sannan ka ji murya ta fara tsallako katanga. Haka aka yi a gidan maƙwabcinmu da ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, mata uku, da gona a hanyar Dong.

Babban shi ke noma ta tun ƙafar tsoho ta ƙi. Masara da damina, kabeji da karas da rani, ya kai Farin Gada. Autan kuwa direba ne, bai san inda kuyya ta nufa ba, amma ya san gari ya cim ma gonar, kuma dillalai sun rada masa kuɗin fuloti.

"Yaya, a raba biyu in sayar da nawa."

"Ka taɓa riƙe fartanya a cikinta? Wa ya haƙa rijiyar?"

Har Auta ya fara ambaton lauya. To mu nan in ka kai ɗan'uwanka kotu ba a hana ka, sai dai kowa ya riƙa gaishe ka a taƙaice. Goggonsu ce ta aika aka kira Baffa, ƙanin marigayi, da Kawu, da liman, da mai unguwa, aka shimfiɗa tabarmi a zaure.

Baffa bai bar kowa ya faɗi ƙorafinsa ba. Ya ce a fara da bashi, domin ba a raba gado sai an biya shi, an kuma fitar da wasiyya in akwai, wadda ba ta wuce sulusi. Nan wani dattijon Afizere, abokin tsoho tun zamanin aikin kuza, ya gyara zama ya ce gefen da ke bayan shingen kerana jingina ce a hannunsa, a kan naira dubu 300. Takarda babu. Amma Hajiya, matar marigayin, ta ce da saninta, kuɗin asibiti ne, Kawu ma ya shaida. Auta ya yi tsuru, ashe har wannan gefen ya riga ya nuna wa dillali. Aka sayar da bijimin da tsoho ya bari aka fanshi wurin.

Kashegari aka tafi da mai awo, kowa ya taka iyaka da ƙafarsa, maƙwabtan gona suna tsaye. Wannan ba mu wasa da shi, don kerana takan mutu, dutsen alama kuma yakan yi tafiya da dare. Gona ta ba da fuloti 16, kowanne ƙafa 50 a 100.

Sai liman ya ɗauki biro. Hajiya tana da tumuni, tunda akwai 'ya'ya: fuloti 2. Saura 14. Namiji rabon mace biyu, maza biyu sun tashi kashi 4, mata uku kashi 3, jimla 7, kowane kashi fuloti 2. Wato Yaya 4, Auta 4, kowace mace 2. Mutanen da suka kusa ba hammata iska a kan rabi da rabi, ga shi kowannensu rubu'i ya samu. A ganina rabin rigingimun gadonmu daga nan suke, maza su yi ta lissafi kamar 'yan'uwansu mata sun bi tsoho.

Yaya ya ce, "Baffa, wahalata fa?"

"Ɗana, amfanin da ka kwashe shekara da shekaru, wa ya tambaye ka lissafinsa? Injin ban ruwa naka ne, da kuɗinka ka saya, ba ya shiga gado. Rijiya kuma za mu sa ta faɗo a rabonka."

Saura wa zai samu bakin hanya, don fulotin can ya fi na gindin dutse daraja nesa ba kusa ba. Goggo, wadda ba ta ce uffan ba tun safe, ta ce a yanka gonar a tsaye, daga hanya zuwa dutse, kowa ya taɓa gaba ya taɓa baya. Aka ware wa Yaya ɓangaren rijiya, sauran aka jefa ƙuri'a.

Matan suka bar wa Yaya nasu ya ci gaba da nomawa, amma mai unguwa ya dage a rubuta cewa aro ne, don ya sha ganin aro ya rikiɗe ya zama gado a bakin jikoki. Aka kuma rubuta cewa duk mai son sayarwa sai ya fara taya wa 'yan'uwa. Kowa ya sa hannu, Hajiya ta dangwala.

Auta ya sayar wa mijin babbar yayarsu fuloti biyu ya canja mota. Sauran biyun Yaya ne ke noma masa, kuma yanzu faɗan da muke jiyowa ta katanga a kan buhun masara nawa ya kamata a kai masa ne.